Kafin ka karɓi aikin dare, yi wannan lissafin

'Yan uwa, kada ku yi lissafin ƙarin kuɗin aikin dare a wata. Ku raba shi da yawan daren da za ku kwana a waje.

Na yi aikin dare a wani kamfanin sarrafa shinkafa. Aka ce ƙarin naira dubu 30 ne a wata, na yi ta murna. Da na raba da dare 15, dubu 2 ne kowane dare. Na cire kuɗin shayi da Indomie wajen mai shayi, da goro, da adaidaitan da ke kai yara makaranta tunda lokacin ina barci. Abin da ya rage bai kai 700 ba.

Sai barci. Babba na buƙatar awa 7 zuwa sama. A gidan haya, da zafi, ba wuta, yara na tsalle a tsakar gida, awa 4 nake samu da kyar. Abinci ya huce a kwano, uwargida ta gaji da cewa a yi shiru.

Ka tambayi masu kamfanin: dare nawa a jere? Yaushe ake kafe jadawali? In yau dare, gobe safe, jibi yamma, akwai wahala, domin jiki ba ya sabawa.

Lissafin ba ya aiki in ba ka da wani aikin, ko ƙarin zai biya wani bashi cikin wata uku. Karɓa, amma ka sa ranar fita. Mai hawan jini, ciwon suga ko farfaɗiya kuwa, ya ga likita tukuna.