Darasi Na Tara: Duba Takardar Lamuni Kafin Ka Tsaya Wa Mai Cin Bashi

Mai lamuni shi ne mutumin da ya ɗauki alkawari a rubuce cewa idan mai cin bashi ya kasa biya, shi zai biya. Abin da za a kama shi da shi ranar rigima shi ne abin da takarda ta ƙunsa, saboda haka ita ya kamata ka duba da idon basira, ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka.

Fara da adadin kuɗin, domin a nan ne aka fi yin asara. A rubuta shi da lambobi da kuma kalmomi, kamar 200,000, dubu ɗari biyu, don kada wani ya ƙara sifili daga baya. Mu ɗauka ɗan'uwanka ya ci wannan bashi a kan zai riƙa biyan 20,000 duk wata har wata 10, ya biya na wata 6, wato 120,000, sannan ya kasa. Idan takardar ta ambaci wannan bashi kaɗai, abin da ya rage a wuyanka shi ne 80,000. Amma idan an rubuta cewa ka tsaya masa a kan "duk abin da ake binsa yanzu da nan gaba", kuma ya koma ya ƙaro 150,000 ba da saninka ba, to ana iya neman 230,000 daga gare ka. Ka kuma tabbatar takardar ta fayyace ko kuɗin ruwa da tarar jinkiri suna cikin adadin da aka ambata, ko kuwa a kansa za a ɗora su.

Bayan haka sai wa'adi. Kalmomin "wata goma" ba su wadatar ba. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa. Wa'adin bashi dabam, wa'adin lamuni dabam, kuma sau da yawa lamuni yakan ci gaba har sai an biya kuɗin duka. Ka nemi a rubuta cewa ba za a ƙara wa mai cin bashin lokaci ko kuɗi ba sai da yardarka a rubuce.

Shaida kuwa ya zama baligi mai hankali wanda ba shi da rabo a cikin bashin, kuma ya gani da idonsa sa'ad da kake sa hannu. Wanda aka kai wa takarda gida washegari bai shaida komai ba. A rubuta cikakken sunansa da adireshinsa.

Sa hannu shi ne na ƙarshe. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ke da gurbin da ba a cike ba. A ja layi a soke shi tukuna. Ka sa hannu a kowane shafi da gefen kowane gyara, ka rubuta kwanan wata, sannan ka karɓi naka kwafin kafin ka tashi daga wurin.