Yadda ake rubuta burin zangon aiki ga ƙungiyar da ke gina biya ta salula

A tsarin aikin da ake kira Sikiram, ƙungiyar masu gina manhaja tana raba aikinta zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, kuma shi ne abin da masu sana'ar ke kira sifirin. Tun daga gyaran da Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka yi wa jagoran tsarin a 2020, burin zango ya zama alkawarin da masu aikin suka ɗauka: abu ɗaya tak da za su cim ma, ko da jerin ƙananan ayyukan da suka zaɓa ya canza a hanya. Ana tsara shi a taron shirin zango, kuma ba a tashi daga taron sai an kammala shi. Domin a ga yadda ake yi, mu ɗauka wata ƙungiya ce ta mutum biyar a Maradi, tana gina manhajar da ƴan kasuwa masu sayar da kaya a sari za su riƙa karɓar kuɗi da ita ta asusun salula, kuma zangonta mako biyu ne.

Matakin farko shi ne a tambayi mai ragamar manhajar, wato wanda ke yanke abin da za a fara ginawa, wace matsala ce ta fi damun mai amfani a yanzu. A misalinmu amsar ita ce, mai shago a babbar kasuwa yana aika buhunan shinkafa zuwa Tasawa ko Dakoro, mai saye ya tura kuɗi, sannan ya kira ya karanto saƙon shaidar turawa, shi kuma mai shago ya tsaya duba wayarsa yana neman wane ciniki ne kuɗin nan ya biya. Daga wannan amsa ake ciro buri. Idan aka fara da jerin ayyukan da ke kan allo, abin da ake samu yakan kasance kamar haka:

"Kammala shafin biya, haɗa manhaja da kamfanin kuɗin salula, gyara rasit, da rubuta gwaje-gwaje."

Wannan jimla jerin ayyuka ce kawai aka jera da waƙafi. Ana iya gama dukkan huɗun ba tare da dala ɗaya ta shiga asusun kowa ba, kuma ranar da lokaci ya ƙure babu abin da zai nuna wa ƙungiyar wanne za ta ajiye a cikinsu.

Mataki na biyu shi ne a sake rubuta jimlar ta fuskar mai amfani, a ambaci mutum ɗaya, da abin da zai iya yi wanda a da bai iya ba. Sai ta koma: "Mai saye zai iya biyan kuɗin kayansa ta salula daga cikin manhaja." An matsa gaba, amma ta yi faɗi da yawa ga mako biyu, domin a Nijar akwai Airtel Money, akwai Moov Money, akwai Zamani Cash, kuma kowane kamfani da tasa hanyar haɗawa da nasa saƙonnin kuskure. A zaɓi kamfani ɗaya, wanda yawancin masu sayen ke amfani da shi, a rubuta hakan a cikin burin. Haka kuma a bar mayar da kuɗi da biya kashi-kashi zuwa wani zango.

Mataki na uku ya fi sauran nauyi, kuma a nan ne burin biya ya bambanta da burin kowane irin shafi. Biyan kuɗi ta salula ba ya ƙarewa a lokacin da mutum ya danna maɓalli. Manhaja tana aika buƙata ga kamfanin, kamfanin ya nemi mai saye ya sa lambar sirrinsa, sannan daga baya ya aiko da sakamako. A tsakanin nan cinikin yana rataye, matsayin da tsare-tsare da yawa ke nunawa da `PENDING`. Idan rezo ya ɗauke a wannan lokaci, abin da duk mai bin hanyoyin karkara ya saba gani, mai saye ba zai ga komai ba, zai sake dannawa, kuma idan ba a yi tanadi ba za a cire masa jikka hamsin sau biyu. Maganin da masu ginawa ke yi shi ne ba kowane ciniki lamba ta musamman wadda ba ta canzawa ko sau nawa aka maimaita buƙatar, yadda buƙata ta biyu za ta dawo da sakamakon ta farko maimakon ta buɗe sabon biya. Bai kamata sunan wannan dabara ya shiga burin ba, domin yadda za a yi aikin hurumin masu ginawa ne. Amma abin da take karewa dole ya shiga, in ba haka ba shi ne farkon abin da za a jingine idan kwanaki suka yi kaɗan, tun da a ofis mai rezo mai ƙarfi ba ya taɓa nuna kansa.

Mataki na huɗu, a tace duk abin da ba ya hannun ƙungiyar. Fara karɓar kuɗi na gaske yana jiran yarjejeniya da kamfanin, da mabuɗan shiga tsarinsa da shi kaɗai ke bayarwa, kuma harkar kuɗin lantarki a ƙasashen sefa na yammacin Afirka tana ƙarƙashin ƙa'idojin babban bankin BCEAO. Babu ɗaya a cikin waɗannan da mai rubuta manhaja zai gaggauta ta hanyar kwana a ofis. Saboda haka idan mabuɗan ba su iso ba ranar taron shiri, a ɗaure burin da filin gwajin kamfanin, wato inda ake gwada biya ba da kuɗi na gaske ba, a kuma faɗi hakan ƙarara. Ga yadda jimlar ƙarshe za ta kasance:

"A ƙarshen wannan zango, mai saye zai iya biyan kuɗin ciniki ɗaya da asusun salula na kamfani ɗaya a filin gwaji, mai shago ya ga cinikin ya koma 'an biya' da kansa, kuma ba za a cire kuɗi sau biyu ba ko da rezo ya yanke a tsakiyar biya."

Kafin a amince da ita, a gwada ta da tambaya guda: yaya za mu nuna wannan a taron ƙarshen zango? A nan amsar a fili take. A buɗe cinikin sefa 50.000, a danna biya, a sa wayar a yanayin jirgin sama kafin sakamako ya dawo, a kunna rezo, a sake dannawa, sannan a duba a ga an cire kuɗin sau ɗaya kuma allon mai shago ya canza. Idan ƙungiya ta kasa kwatanta irin wannan nuni cikin minti biyu, jimlar ba ta kammalu ba tukuna, sai a koma mataki na biyu.

Bayan an rubuta, a liƙa jimlar inda ake taron minti goma sha biyar na kowace rana, domin da ita ake auna ci gaba. A ce a rana ta shida aka gano sakamakon kamfanin wani lokaci ba ya isowa sam, har sai manhajar ta riƙa tambayar matsayin cinikin da kanta bayan ɗan lokaci, kuma wannan ƙarin aiki zai ci kwana biyu. Ƙungiyar za ta zauna da mai ragamar manhajar ta duba jerin ayyukanta: ƙawata rasit da aika shi ta WhatsApp ba sa cikin jimlar, don haka su ne za a mayar baya, tambayar matsayi kuwa ta shigo, domin ba tare da ita ba cinikin mai shago ba zai koma "an biya" ba. Jerin ya canza, burin yana nan yadda yake. Idan kuwa burin ne gaba ɗaya ya daina amfani, misali aka fasa aiki da kamfanin da aka zaɓa, ba a gyara jimlar a ɓoye don ta dace da abin da aka riga aka yi. A irin wannan hali ana soke zangon ne a shirya sabo, kuma mai ragamar manhajar kaɗai ke da ikon sokewa.