Darasi na 7: Ɗora bidiyon koyar da yara a YouTube

Wata malama ta ɗauki bidiyo da wayarta tana koya wa yara ƙirga daga 1 zuwa 10 da 'ya'yan dabino. Kafin ya hau YouTube sai ta rubuta masa suna da bayani, ta kuma amsa tambaya ɗaya: don wa aka yi shi?

Tambayar tana wurin da aka rubuta Audience. Amsa biyu ce. Ta farko, "Yes, it's made for kids", wato don yara aka yi. Ta biyu, "No, it's not made for kids", wato ba don yara ba. Malama za ta taɓa ta farko, domin da yara take magana, waƙar ƙirgar ma tasu ce. Da a ce iyaye take nuna wa dabarar koyarwa, ta biyu ce daidai, ko da an ambaci yara sau goma.

Asalin tambayar wata dokar Amurka ce mai suna COPPA, wadda ta hana tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba da izinin iyayensu ba. A 2019 an ci tarar Google da YouTube dala miliyan 170 a kanta. Shi ya sa ake tambayar kowa, ko daga Kano yake ɗorawa ko daga Maraɗi.

Bayan ta zaɓa, malama za ta ga an rufe wurin sharhi, ƙararrawar sanarwa ma ba ta aiki. Kada hankalinta ya tashi, wayar ba ta lalace ba. Wasu kan zaɓi amsa ta biyu don a bar musu sharhi da cikakken kuɗin talla. Wannan ha'inci ne, kuma YouTube na iya sauya zaɓin da kansa.

Sai suna. Ba ya wuce harafi 100, ya kuma faɗi abin da ke ciki kawai: "Mu koyi ƙirga da Hausa, 1 zuwa 10". A bar irin su "abin mamaki" ko "kada ka kalla kai kaɗai". A wurin bayani layi biyu sun isa: abin da za a koya, da shekarun yaran da ya dace da su.

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Malama tana alfahari da ɗalibarta, sai ta rubuta sunan yarinyar, makarantarsu da unguwarsu. Duk wanda ya karanta ya san inda zai same ta ke nan. Kada a sa sunan yaro, ko lambar waya, ko lokacin tashi daga makaranta.

Aiki: rubuta suna da bayani na layi biyu ga bidiyon koyar da launuka. Ba wa na kusa da kai ya karanta, ya faɗa maka don wa aka yi shi.