Yadda Ake Bin Ƙa'ida Kafin A Miƙa Wa Ma'aikaci Takardar Kora Kan Babban Laifi

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya bar wa mai kamfani damar raba gari da ma'aikaci ba tare da ba shi wa'adi ba, idan ya aikata babban laifi irin su sata ko almundahana. Amma damar ba ta nufin a kore shi ba a ji ta bakinsa ba. A nan ne masu kamfanoni ke faɗuwa a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Sakkwato: laifin na nan, hanyar da aka bi ce ta karkace.

A ce kana da kamfanin sayar da taki, aka yi ƙidaya aka ga buhu 40 sun yi ɓatan dabo, makulli kuma a hannun mai kula da sito yake.

Fara da ɗauko takardar ɗaukarsa aiki da kundin dokokin kamfani. Duk matakin da aka rubuta a ciki ya hau kanka, tsallake guda ɗaya na iya rusa korar. Sannan ka tattara hujja: littafin sito, takardun fitar da kaya, bayanin maigadi. Idan kana tsoron ya taɓa takardu, ka dakatar da shi a rubuce na ɗan lokaci. Kada ka riƙe albashinsa sai in yarjejeniyarku ta ba ka wannan dama.

Sai takardar tuhuma, kuma ita ce ƙashin bayan komai. Kada ka rubuta "ka ci amanar kamfani" kawai, domin ba wanda zai iya kare kansa daga maganar da ba ta da kai. Rubuta cewa tsakanin ranar 3 da 10 ga wata littafi ya nuna buhu 500, aka ƙirga aka sami 460, kuma babu takardar fitar da sauran. Faɗi dokar da ake zargin ya karya, ka sanar da shi cewa hukuncin na iya kaiwa ga kora, ka ba shi lokacin amsawa a rubuce. Kamfanoni kan ba da awa 24 ko 48. A ganina inda sai an duba lissafi, kwana uku ya fi adalci. Ya sa hannu ya karɓa. In ya ƙi, a rubuta hakan gaban shaida.

A 2011, a shari'ar Imonikhe da Unity Bank, Kotun Ƙoli ta nuna cewa tuhuma a rubuce da amsa a rubuce na iya wadatarwa. Duk da haka, idan mutum ya musanta, ina ba da shawarar a zauna. A ce mai siton ya amsa cewa manaja ne ya ce a loda wa wani dila buhunan, takarda za ta biyo baya. Yanzu magana ta zama biyu, takarda kaɗai ba za ta raba gardama ba.

Kafa kwamitin ladabtarwa, ka gayyace shi a rubuce da rana da wuri. Manajan da aka ambata shaida ne, ba zai zauna cikin masu yanke hukunci ba, haka ma wanda ya kai ƙarar. A nuna wa ma'aikacin duk takardar da za a dogara da ita. Shaidu su yi magana a gabansa, ya yi musu tambayoyi, ya kawo nasa. A bar shi ya zo da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. In Hausa ya fi ji, a yi zaman da Hausa. A rubuta abin da aka faɗa, kowa ya sa hannu. Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne a buga takardar kora tun kafin zama. Kwanan watan da ke jikinta kaɗai ya isa ya tona asiri.

Idan laifi ya tabbata, a duba ko ya kai na kora, ko gargaɗi ya isa ga mutumin da ya daɗe ba a taɓa kama shi da komai ba. Takardar korar ta faɗi laifin da aka tuhume shi da shi, ba wani sabo ba, domin dalilin da ka rubuta shi kotu za ta nemi ka tabbatar. A biya shi albashin kwanakin da ya yi aiki. Kuɗin da ke asusunsa na fansho nasa ne.

A cikin takardar ne za a gaya masa damar ɗaukaka ƙara: wurin wa, cikin kwana nawa, misali 14. A kamfani mai zaman kansa wannan dama daga yarjejeniya da kundin dokoki take fitowa, kuma ko babu ita a rubuce, gara ka bayar. Wanda zai saurara ya zama na gaba da kwamitin, wanda ba ya cikin zaman farko, mai ikon soke korar. Idan mai siton ya samo saƙon wayar da manaja ya tura masa, nan ne za a duba shi, a ba shi amsa a rubuce. In bai gamsu ba, yana iya shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata, don haka ka adana fayil ɗin gaba ɗaya.