Darasi: Harajin da aka jinkirta

Kamfani yakan lissafa ribarsa sau biyu. Akwai ribar da akanta ke rubutawa a littafin kamfani, akwai kuma ribar da hukumar haraji ke karɓar haraji a kanta. Sau da yawa ba sa zuwa daidai, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Ƙa'idar kowa ce daban.

Mu ɗauki wani kamfanin casar shinkafa da ya sayi inji a kan naira miliyan 40. Kowace shekara yana samun ribar miliyan 100 kafin a cire kuɗin injin, haraji kuma kashi 30 ne cikin ɗari.

Akanta ya duba ya ga injin zai yi shekara huɗu yana aiki, sai ya raba kuɗinsa gida huɗu, yana cire miliyan 10 duk shekara. Ribar littafi ta zama miliyan 90, harajinta miliyan 27.

Ita hukumar haraji ba ta aiki da wannan rabon, tana da nata rangwamen a kan kayan aiki. Don sauƙin lissafi, mu ce ta yarda a cire miliyan 20 a shekarar farko, 20 a ta biyu. A wurinta ribar bana miliyan 80 ce, don haka kamfani zai biya miliyan 24 kawai.

To, ina sauran miliyan 3? Ba yafewa aka yi ba, ɗaga ƙafa ce. Akanta zai rubuta ta a matsayin bashi, ita ce ake kira harajin da aka jinkirta. A shekara ta biyu wata miliyan 3 ta ƙaru, bashin ya kai 6.

A shekara ta uku rangwame ya ƙare. Hukuma ta ga ribar miliyan 100 cif, ta karɓi 30, alhali littafi yana nan a kan 27. Wannan ƙarin miliyan 3 daga bashin nan ake rage shi, haka ma a shekara ta huɗu, sai bashi ya mutu. Ka haɗa 24, 24, 30 da 30, za ka samu 108, daidai da 27 sau huɗu.

Inda masu kamfani ke yin tuntuɓe shi ne shekarar farko. Sun ga haraji ya yi sauƙi, sai su raba rarar a matsayin riba, shekara ta uku ta zo asusu ba kuɗi.

Amma a kula, ba kowane bambanci ne jinkiri ba. Tarar da aka ci kamfani don ya karya doka, hukuma ba ta yarda a cire ta daga riba, bana ko baɗi, saboda haka ba a rubuta mata harajin da aka jinkirta.

Aikin gida: a ƙarshen shekarar farko darajar injin miliyan 30 ce a littafi, 20 a wurin hukuma. Ka fitar da bambancin, ka ɗauki kashi 30 cikin ɗari. Nawa ka samu?