Kurakuran da aka fi yi wajen neman ranar ziyartar masana'anta a Sin

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne mutum ya yanki tikitin jirgi, sannan ya tura wa mai kaya saƙo: "Ina nan tafe mako mai zuwa." Haba Alhaji, ka duba kalandarsu kuwa? Sabuwar shekarar Sin tana faɗowa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Ma'aikata kan watse garuruwansu tun kafin ranar, kuma aiki ba ya kankama sai bayan makonni. Daga 1 zuwa 7 ga Oktoba hutun ƙasa ne. Lokacin baje kolin Canton kuwa, wato tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, masana'anta a buɗe take, amma manajan da kake son gani yana rumfarsa a Guangzhou, kuɗin otal kuma ya yi tashin gwauron zabi.

Ni a wurina tsarin ɗaya ne. Ka ba su ranaku uku su zaɓa, ka rubuta sunan wata da haruffa, domin 5/6 kowa da yadda yake karanta shi. In sun amince a rubuce, su aiko da takardar gayyata mai hatimin kamfani, ɗauke da sunanka da lambar fasfonka daidai, ka nemi bizar kasuwanci, wato M. Tikiti shi ne na ƙarshe.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi: neman rana ba tare da tambayar ina za a kai ka ba. Ɗauki mai sayen tayil. Adireshin da ke kan takarda Foshan ne, amma sau da yawa ofis ne da ɗakin nuna kaya, ana gasa tayil ɗin a Qingyuan ko Zhaoqing, kusan awa biyu a mota. Sai a ba ka shayi, a nuna maka samfuri mai ƙyalli, ka dawo ba ka ga komai ba. Ka nemi adireshin masana'antar da rubutun Sinanci, su tura maka taswirar wurin ta manhajar saƙo ta WeChat, ka kuma tambaya wace rana kayanka za su kasance kan layin sarrafawa. Ranar ita za ka nema, don ka buɗe kwali da hannunka, ka jera tayil biyar a ƙasa ka ga ko launi da girma sun zo ɗaya. In suna ta kwana-kwana kan adireshi, akwai alamar dillalai ne.

Sauran ƙanana ne. Sun riga mu da awa bakwai, saƙon da ka tura da la'asar sai gobe za a gani. Kada ka sa masana'anta fiye da biyu a yini, kuma kada ka isa sha biyun rana, lokacin cin abinci ne. Ka faɗa musu tun wuri ku nawa ne, wa zai ɗauko ku daga otal, ko da tafinta, ko an yarda a ɗauki hoto. Batun abincin halal da sallar Juma'a ma a saƙon farko ake faɗarsa.