Yadda Ake Tsara Takardar Kiran Aiki ta Ranar Ɗaukar Fim

Kun yawaita tambaya kan yadda ake tsara wannan takarda mai sanar da ma'aikatan fim lokaci da wurin aiki, ga matakan:

1. Rubuta sunan fim da kwanan wata a sama.
2. Sa lokacin haɗuwar kowa da manyan haruffa.
3. Rubuta cikakken adireshin wurin ɗauka.
4. Jera fitowa bisa yadda za a ɗauke su. Hattara: lambar fitowa ta zama daidai da ta rubutun labarin, in ba haka ba mai kaya zai kawo tufafin wata fitowa daban.
5. Ba kowane ɗan wasa lokacinsa. Idan ɗauka ƙarfe 8 ce, kwalliyarsa na cin awa guda, sa tufafi minti 30, a kira shi 6:30.
6. Sa asibiti mafi kusa mai sashen gaggawa, da lambar jami'in agajin farko.
7. Tura takardar tun daren da ya gabaci ranar ɗauka, kowa ya amsa ya gani.